Doch, ja, mal da eben: abin da Bajamushe ke nufi bayan abin da ya faɗa

Tun ranar 1 ga Yunin 2024 Jamus ta buɗe ƙofar katin neman aiki da ake kira Chancenkarte, wanda a tsarinsa na tara maki ake neman Jamusanci matakin A1 ko Turanci matakin B2. A ƙarshen watan kuma sabuwar dokar zama ɗan ƙasa ta fara aiki, ta rage shekarun jira daga 8 zuwa 5, amma ta bar sharaɗin harshe a matakin B1. Waɗannan matakai na auna ƙwarewar harshe, waɗanda A1 ne na farkonsu, su ne abin da mai shirin tafiya ke sa wa ido. Sai dai akwai wani ruɗani da ke jiran wanda ya ci jarrabawar: yakan ji jimlar da ya san kowace kalma a cikinta, amma ya kasa gane ko lallashinsa ake yi ko faɗa ake masa. Sau da yawa dalilin wasu 'yan kalmomi ne gajeru, irin su *doch* da *ja* da *mal* da *eben*, waɗanda ƙamus ke ba su ma'ana ɗaya, baki kuma ya ba su wata.

## Mene ne waɗannan kalmomi

Masana nahawun Jamusanci suna kiran su *Modalpartikeln* ko *Abtönungspartikeln*, wato kalmomin da ke sauya launin magana. Waɗanda aka fi lissafawa ba su da yawa, kuma huɗun nan suna cikin waɗanda aka fi ji. Ana furta *ja* kamar "ya", shi kuwa *doch* yana ƙarewa da sautin maƙogwaro irin na harafin Larabci "kha" da ke cikin kalmar "alheri" a asalinta.

Babbar alamarsu ita ce ba sa ƙara komai a kan labarin da jimla ke ɗauke da shi. In aka ce *Das Büro ist geschlossen*, ofis a rufe yake. In aka saka *ja* ko *doch* ko *eben* a ciki, ofishin na nan a rufe, ba a buɗe shi ba, ba a ƙara masa kwaɗo ba. Abin da ya sauya shi ne matsayin mai magana game da mai sauraro: me yake zaton ka riga ka sani, me yake ganin ka manta, da kuma ko ya bar ƙofar musu a buɗe.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga kunnen Bahaushe. "Ya tafi", "Ai ya tafi", "Ya dai tafi" da "Ya tafi fa" duk tafiya ɗaya ce, amma zance huɗu ne. Masana harshe sun yi amfani da suna iri ɗaya ga namu: Paul Newman ya lissafa guda shida a nahawun Hausa da ya wallafa a 2000, wato dai, fa, kam, kuma, kuwa da ma. Kafin shi, a 1991, Bajamushiya Constanze Schmaling ta rubuta nazari sukutum a kansu, wanda daga baya aka buga shi littafi da "Gishirin Hausa" a cikin sunansa. Jamusawa ma suna da laƙabi mai kama da haka ga nasu, *Würzwörter*, kalmomin kayan yaji.

## Jimla ɗaya, zance uku

A ɗauka mutum biyu suna maganar kai takarda ofishin baƙi ranar Laraba.

In ɗaya ya ce *Das Büro ist ja geschlossen*, yana ɗaukar rufewar a matsayin abin da su biyun suka sani. Ba labari yake bayarwa ba, shimfiɗa yake yi don abin da zai biyo baya: "Ai ofis a rufe yake, sai mu bari sai gobe." Aikin *ja* ke nan, tabbatar da cewa wannan batu ba abin jayayya ba ne tsakaninmu. Shi ya sa ba ya shiga tambaya ta gaskiya. Ba za ka tambayi abu kana kuma cewa kowa ya san shi ba. Kalmar irin wannan da ta fi shiga tambaya ita ce *denn*. Akwai kuma *ja* na mamaki, inda abin da aka sani ɗin yanzu ido ya gan shi. Wanda ya leƙa taga ya ce *Es schneit ja!* yana cewa ne, "Ashe dusar ƙanƙara ake yi!"

In kuwa ya ga abokinsa ya sa riga ya ɗauki takardu zai fita, sai ya ce *Das Büro ist doch geschlossen*. Nan ma abu ne sananne, amma akwai ƙari: abin da kake yi ya saɓa da abin da ya kamata ka sani. "Ai ka san a rufe yake, ina za ka?" Wannan saɓani shi ne zuciyar *doch* a duk inda ya bayyana. Mai cewa *Du kommst doch morgen?* ya ɗauka za ka zo, amma wani abu ya sa masa shakka, yana so ka kawar da ita: "Za ka zo gobe dai ko?" Mai cewa *Das habe ich dir doch gesagt* kuwa tuni yake yi mai haɗe da zargi: "Ba na gaya maka ba?"

Sai na uku. Abokin ya je ya dawo yana ta ƙorafi, ɗayan ya ce *Das Büro ist eben geschlossen*. Ma'anarsa, haka abin yake, babu yadda za a yi, a bar maganar. *Eben* yana gabatar da batu a matsayin bayyanannen dalili wanda ba ya sauyawa, kuma yana rufe zance. Hausa ba ta da kalma ɗaya tak da ke wannan aiki. Mukan ce "to, a rufe yake kawai", ko "sai haƙuri", ko mu ƙare da "ke nan". A bakin aboki yana iya zama rarrashi, a bakin ma'aikacin ofis yana iya zama sallama. Akwai ɗan'uwansa *halt*, wanda asalinsa na kudancin Jamus ne da Ostiriya da Suwizalan amma yanzu ya bazu har arewa, kuma mutane da yawa suna jin ya fi *eben* taushi.

## Umarni da roƙo

*Mal* gidansa daban. Ya samo asali daga *einmal*, "sau ɗaya", kuma ya fi zama a umarni da tambayar da ke ɗauke da roƙo. *Gib mir das Salz* shi ne "Ba ni gishiri". *Gib mir mal das Salz* shi ne "Ɗan miƙo min gishiri". Kamar "ɗan" ɗinmu, yana ƙanƙanta abin da ake nema, ya nuna cewa aiki ne na lokaci guda wanda ba zai ɗora maka nauyi ba.

Daga nan iyakarsa ta fito. Tun da ƙanƙantawa yake yi, bai dace da babban roƙo ba. Wanda ya ce wa abokin aiki *Leih mir mal 5000 Euro* ya mai da rancen Yuro 5000 kamar aron biro, kuma za a ji rainin hankali a ciki. Haka nan *mal* ba ya maye gurbin *bitte*, kalmar "don Allah". Ga wanda ba ka saba da shi ba, ana haɗa su ne: *Können Sie mir bitte mal helfen?* Kuma murya tana iya juya shi. *Hör mal zu!* da kakkausar murya gargaɗi ne, babu wani taushi a cikinsa.

*Doch* a umarni ya yi kusa ƙwarai da "mana". Mai gida ya ga baƙo a tsaye yana jin nauyi, sai ya ce *Setzen Sie sich doch*, "Ku zauna mana". Saɓanin nan na nan: kana tsaye alhali babu abin da ya hana ka zama. Amma kamar yadda "mana" ke zama ƙosawa in an maimaita kira, *Komm doch endlich!* shi ne "Ka zo mana, haba!" In aka haɗa biyun, *doch mal*, sai a sami shawara mai sauƙi wadda ba ta tilasta kowa. Jerin haɗin ba ya juyawa: *ja* kafin *doch*, *doch* kafin *mal*.

Wuri ɗaya da ya kamata a kiyaye shi ne *ja* mai nauyin murya. Yawanci waɗannan kalmomi ba a danna su, a guje ake wuce su. Amma in uwa ta ce wa ɗanta *Komm JA pünktlich!* tana danna kalmar, to kashedi ne mai ɗauke da barazana: "Kada ka kuskura ka makara fa!" Mai koyo da ya san *ja* a matsayin "eh" kaɗai yana iya jin wannan ya ɗauka amincewa ce.

## Yadda ake gane su a cikin jimla

Tushen ruɗanin shi ne kowace ɗaya tana da tagwai a wani rukunin nahawu. *Ja* amsa ce, "eh". *Eben* sifa ce mai nufin shimfiɗaɗɗe, kuma bayanau ne mai nufin "yanzun nan". *Mal* yana nufin "wani lokaci a baya", kuma shi ne "sau" a lissafi. *Doch* mahaɗi ne mai nufin "amma", kuma amsa ce ta musamman ga tambaya mai korewa. A Hausa in aka ce "Ba za ka zo ba?" mai niyyar zuwa yakan ce "A'a, zan zo". Bajamushe zai ce *Doch!* kalma ɗaya, ta rushe korewar.

Abin da ke raba su shi ne mazauni. A Hausa "ai" yakan buɗe jimla, "mana" ya rufe ta, "dai" da "kuwa" su bi bayan abin da ake magana a kai. A Jamusanci kalmar gishiri tana zama a tsakiya, bayan aikatau mai ɗauke da lokaci, kuma yawanci bayan wakilan suna. Ba ta iya tsayawa ita kaɗai a gaban aikatau. Da zarar an kai ta farko, ta koma tagwanta. *Ja, das Büro ist geschlossen* amsa ce, "Eh, a rufe yake". *Doch das Büro ist geschlossen* shi ne "Amma ofis a rufe yake". Wannan shi ne kuskuren da ɗabi'ar Hausa ke jawowa kai tsaye, domin bakin da ya saba fara zance da "ai" zai so ya fara da *ja*.

Ga gwaji mai sauƙi. A cire kalmar a ga ko labarin ya ragu. A *Ich war mal in Berlin*, cire *mal* yana zubar da ma'anar "na taɓa zuwa", don haka bayanau ne. Sannan a gwada kai ta farkon jimla. *Er war eben hier* yana iya komawa *Eben war er hier* ma'ana ba ta sauya ba, "yanzun nan yake nan", saboda haka lokaci ake nufi. Wani lokaci jimlar a rubuce tana ɗaukar fassara biyu, sai murya da abin da ya gabata su raba gardama. Haka *mal eben* a *Kannst du mal eben kommen?* ba ya ɗauke da "sai haƙuri" ko kaɗan, yana nufin "ɗan zo na minti ɗaya".

## Misali daga wurin aiki

A ɗauka wata matashiya ce ke koyon aikin jinya a gidan kula da tsofaffi. Aikin safe yana farawa ƙarfe 6, motar da take hawa tana isowa 6 da minti 10. Shugabar sashe ta tare ta ta ce: *Der Dienst beginnt doch um sechs.* A fassarar ƙamus, sanarwa ce kawai cewa aiki yana farawa ƙarfe shida, kuma matashiyar tana iya amsawa da "na sani" ta wuce. Amma *doch* ya riga ya ce an san ta sani. Abin da ake jira daga gare ta shi ne bayani ko ban haƙuri.

Ta kawo uzurin mota. Shugabar ta ce: *Dann müssen Sie eben den früheren Bus nehmen.* "To, sai ku hau motar da ke gabanta ke nan." *Eben* ya nuna cewa a wurin shugabar mafita a fili take, kuma ba ta buɗe tattaunawa kan sauya jadawali ba. Wanda ya ci gaba da jero uzuri bayan wannan kalma ya karanta yanayin ba daidai ba. In akwai buƙatar a sake duba lokacin, sai a nemi zama na daban.

Da rana wata abokiyar aiki ta ce mata: *Frag doch mal den Kollegen aus der Küche, der hat ja ein Auto.* "Ki ɗan tambayi abokin aikin nan na kicin mana, ai yana da mota." Kalmomi uku a jimla ɗaya, kowace da aikinta. *Doch* yana ture nauyin da take ji, *mal* yana nuna tambayar ba wani abu ba ce, *ja* kuma yana kawo motar a matsayin dalilin da kowa ya sani. In aka cire su duka, abin da zai rage umarni ne tsirara daga wadda ba shugabarta ba.

Sai bakin matashiyar kanta. A ce ta buga waya tun da asuba ta sanar za ta makara. Tana iya cewa *Ich habe doch angerufen* ko *Ich hatte ja angerufen*. Na farko kare kai ne da ke mai da laifin kan shugabar, kamar "Ba na kira ba?" Na biyu tuni ne kawai, "Ai na kira", yana ɗaukar cewa shugabar ta sani kuma ba ta musa ba. Dukansu daidai ne a nahawu, amma ga mai koyo a gaban shugaba, na biyun ya fi kiyaye alaƙa.

## Inda masana suka saɓa

An daɗe ana raina waɗannan kalmomi a makarantun Jamus. Malaman salon rubutu sun kira su *Füllwörter* da *Flickwörter*, kalmomin cike gurbi da na faci, kuma marubuci Ludwig Reiners ya kwatanta su da ƙwarƙwata a jikin harshe. Ra'ayin ya fara juyawa ne bayan nazarin Harald Weydt na 1969, wanda ya nuna cewa suna da ƙa'ida da aiki. Masu ra'ayin farko ba su yi kuskure gaba ɗaya ba. A takardar hukuma, kwangila ko rahoton kimiyya, inda ba a fuskantar mutum ɗaya da za a yi zaton abin da ya sani, kalmomin ba su da wurin zama, kuma har yau da wuya a gan su a can. Kuskurensu shi ne auna maganar baki da ma'aunin rubutun ofis.

Saɓani na biyu yana tsakanin masana harshen kansu. Wasu suna ganin kowace kalma tana da ma'ana ɗaya ta asali, sauran launuka kuma daga irin jimla da yanayi suke fitowa. Wasu suna ganin gara a lissafa kowane amfani daban, *doch* na tuni, *doch* na gayyata, *doch* na fata, domin ma'ana ɗayar takan yi faɗi har ta kasa gaya wa mai koyo abin da zai faɗa. Ga *doch* hanyar farko tana aiki sosai, tun da saɓani yana bayyana a ko'ina. Ga *ja* ta fi wuya, domin haɗa "kowa ya sani" da kashedin uwa a ƙarƙashin ma'ana guda yana buƙatar dogon bayani. Har yanzu ana jayayya ko *ja* mai nauyin murya kalma ɗaya ce da marar nauyin.

Akwai kuma maganar da ta yaɗu cewa kalmomin na ladabi ne. Gaskiya ne Jamusancin da babu su yakan zo wa 'yan ƙasa a bushe, kamar ana karanta sanarwa. Amma misalan da suka gabata sun nuna *doch* yana zargi, *eben* yana sallama, *ja* yana barazana. Abin da suke yi shi ne bayyana cewa mai magana yana lissafi da tunanin mai sauraro, kuma wannan lissafi yana iya zama na kirki ko akasinsa. Ko *ja* marar nauyi yana iya zama dabara: ɗan siyasar da ya ce *Das ist ja bekannt* ya shigar da ra'ayinsa a matsayin abin da kowa ya yarda da shi, ya bar wa mai musu wahalar warware shi.

## Abin da wannan ke nufi ga mai koyo da mai fassara

Malamai sun rabu kan lokacin koyar da su. Wasu suna jinkirtawa har sai nahawu ya zauna, wasu suna ba da su tun farko a matsayin guntayen zance da ake haddacewa. Abin da ya fi dacewa da haɗarin da ke ciki shi ne a raba ji da faɗa. Fahimtarsu ana buƙatarta tun ranar farko a wurin aiki, gidan haya ko asibiti, domin a nan ake gane ko magana ta ƙare ko da saura. Faɗarsu kuwa tana iya tafiya a hankali. Rashin saka su ba ya ɓata jimla, kuma ba a cika zargin baƙo a kai ba, alhali saka *doch* ko *eben* a inda bai dace ba yana sa a ji tsiwar da mutum bai nufa ba.

Waɗanda ba su da haɗari a fara da su su ne *mal* a ƙananan roƙo, *doch mal* a shawara tsakanin abokai, da *denn* a tambaya irin *Wie heißt du denn?* Wasiƙa zuwa hukuma ko takardar neman aiki kuwa a bar ta babu ko ɗaya. Saƙon waya tsakanin abokan aiki yana bin tsarin maganar baki, don haka a can za a gan su da yawa.

Mai fassara daga Jamusanci zuwa Hausa yana da sauƙin da mai fassara zuwa Turanci ba shi da shi, domin yana da "ai", "mana", "fa", "dai" da "ashe" a hannu. Matsalar takan taso ne in fassarar ta bi ta Turanci, inda galibi ake zubar da kalmomin tun a zangon farko, sai maganar ta iso Hausa babu alamar cewa mai ita yana tuni ne ko yana rufe zance. A tafinta a asibiti ko a ofishin baƙi wannan yana da nauyi. Likitan da ya ce *Das wissen Sie ja* ya ɗauka an riga an yi wa majinyaci bayani, kuma zai wuce gaba bai maimaita ba. In ba a yi bayanin ba, wannan ne lokacin da tafinta ko majinyacin zai tsayar da shi ya nemi a faɗa daga farko.